Furofoma da Kamashal Inbois: Wacce Ake Buƙata Kafin Lodi, Wacce Bayan Lodi?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayo kaya daga Guangzhou ko Dubai ko Istanbul ya ga takardun nan guda biyu, kuma idan aka ajiye su kusa da juna da wuya ido ya bambanta su. Sunan kamfani ɗaya ne a sama, sunan mai saye ɗaya ne, ga jerin kaya, ga farashi, ga jimilla a ƙasa, wani lokaci har hatimin ma iri ɗaya. Abin da ya raba su a ido kalma ɗaya ce a kan takardar: wata an buga mata PROFORMA INVOICE, wata kuma COMMERCIAL INVOICE. Saboda wannan kamanni ne da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da Sabon Gari da Ƙofar Ruwa suke ɗauka cewa ta farko gwaji ce kawai, ta biyu ce ta gaske, sai su karɓi furofoma su duba jimillar kuɗi su wuce. A tsarin shigo da kaya na Najeriya wannan sakaci yana da tsada, domin a kan furofomar ake gina duk takardun da za su biyo baya.

Bambancinsu na lokaci ne. Furofoma takarda ce da mai sayarwa yake bayarwa kafin a yi ciniki, ko kafin kaya su motsa, yana cewa ga abin da zan sayar maka, ga yawansa, ga farashinsa, ga sharuɗɗan biya, ga ranar da zan iya lodi. Ba bashi ba ce a kan kowa. Mai sayarwa ba ya shigar da ita littafinsa a matsayin cinikin da ya yi, mai saye ma ba ya rubuta ta a matsayin kuɗin da ake bin sa. Kamashal inbois kuwa ana rubuta ta ne bayan an haɗa kaya an loda, tana cewa ga abin da na sayar maka a zahiri, ga abin da ya shiga kwantena, ga kuɗin da ya hau kanka. Da ita ake neman biya, ita akanta yake shigarwa a littafi, kuma ita kwastam suke dubawa su yanka kuɗin fito. Kamar tela ne da ya ce maka yadi goma za su ishe ka, kuɗin ɗinki kaza. Wannan magana ce ta kafin aiki. Ranar da ka zo karɓa ya miƙa maka lissafin abin da ya shiga da gaske, wannan kuma shi ne abin biya.

Kada dai a fahimci cewa furofoma ba ta da nauyi. A cinikin da ake yi da masana'antun Sin, sau da yawa babu wata doguwar yarjejeniya da ake rubutawa. Mai masana'anta yana turo furofoma da hatiminsa, mai saye ya sa hannu ya mayar, ya tura kafin alƙalami, shi ke nan aiki ya fara. Idan rigima ta tashi daga baya, wannan takardar ita ce hujjar abin da aka yi alkawari a kai. Wanda ya yarda aka rubuta masa "fanka" kawai, ba girma, ba lambar samfuri, ba ƙarfin inji, to ranar da aka kawo masa mai ƙaramin inji ba shi da bakin magana, domin fanka ya nema kuma fanka aka ba shi.

Bari mu bi ciniki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. A ce wani ɗan kasuwa a Kano yana son kwantena ɗaya mai ƙafa 40 ta fankokin tsaye daga wata masana'anta a lardin Guangdong, yana so su iso kafin zafin Maris da Afrilu. Bayan an yi ta ja-in-ja a waya, masana'antar ta turo masa furofoma: fanka 1,400, kowace dala 12, jimilla dala 16,800 a kan sharaɗin FOB. Ma'anar FOB ita ce mai sayarwa ya ɗauki nauyin kaya har su hau jirgi a tashar ƙasarsa. Kuɗin jirgi zuwa Legas dala 3,200, don haka jimillar CFR, wato kuɗin kaya haɗe da na jirgi, ta zama dala 20,000. Waɗannan haruffa uku-uku suna cikin ƙa'idojin Incoterms na Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya, ICC, waɗanda bugunsu na baya-bayan nan ya fara aiki a 2020. Sharaɗin biya: kashi 30 cikin ɗari kafin a fara aiki, sauran idan an nuna kwafin takardar jirgi.

A wannan mataki babu fanka ko ɗaya da aka ƙera da sunansa, saboda haka babu yadda za a yi kamashal inbois ta samu. Amma doka ba ta jira kaya su samu. Ƙa'idar shigo da kaya ta Najeriya ta ce duk wanda zai shigo da kaya sai ya fara buɗe Fom M ta hannun banki mai lasisin hulɗar kuɗin waje, kuma a yi haka kafin a loda kayan, komai ƙanƙantar kuɗinsu, ko da ma babu biya a ciki. Fom M sanarwa ce ga Babban Bankin Najeriya da hukumar kwastam cewa wane zai shigo da kaya kaza daga ƙasa kaza a kan kuɗi kaza. To daga ina banki zai samo waɗannan bayanai alhali kaya ba su wanzu ba? Daga furofoma. Abin da ke jikinta shi ake kwashewa a zuba a cikin Fom M, layi bayan layi, yanzu ta manhajar B'Odogwu da kwastam suka fara gwadawa a Legas a 2024.

Wannan shi ya sa banki yake tsananta wa furofoma fiye da yadda ɗan kasuwa yake zato. Ana so ta nuna ainihin sunan kayan, da tambarinsu, da lambar samfuri, da bayanin girma ko ƙarfi ko daraja, da yawansu, da yadda aka ɗaure su. Ana so a raba kuɗin kaya da kuɗin jirgi, kowane a layinsa, a ambaci ƙasar da aka ƙera kayan, da tashar lodi, da tashar sauka, da irin kuɗin da za a biya da su. Kuma kada ta tsufa: banki ba ya son furofomar da ta wuce wata uku. Tare da ita ɗan kasuwa zai kawo lambarsa ta biyan haraji, TIN, da takardar inshora. Inshorar nan dole a yi ta da kamfanin cikin gida, kuma al'ada ita ce a yi ta a kan kashi 110 cikin ɗari na kuɗin kaya da jirgi, wato dala 22,000 a misalinmu. Kamfanin inshora ma daga furofoma yake ɗaukar adadinsa. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa ba a son mai sayarwa ya yanka farashi a kan CIF, wanda ya haɗa da inshorar waje, ga kayan da za su zo Najeriya. Fanka kayan lantarki ce, tana ƙarƙashin kulawar hukumar SON, don haka sai an haɗa da takardar shaidar samfuri ta tsarin SONCAP. Da abinci ne ko magani ko kayan shafa, da izinin NAFDAC za a nema.

Akwai lamba ɗaya da nake so mai karatu ya tsaya a kanta, wato lambar HS. Tsari ne na Hukumar Kwastam ta Duniya da ya raba duk kayan ciniki gida-gida, lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, sannan ƙasashen ECOWAS suna ƙara huɗu su zama goma. Fankar tebur ko ta tsaye ko ta bango ko ta silin wadda ƙarfin injinta bai wuce wat 125 ba tana ƙarƙashin 8414.51. Wadda ta wuce haka tana faɗawa 8414.59. Ka ga ke nan kalmar "fanka" ita kaɗai ba ta isa a san gidan da kaya suka faɗa ba, sai an rubuta ƙarfin injin. Kuma gidan shi ke yanke kuɗin fito, domin harajin bai-ɗaya na ECOWAS yana da matakai biyar: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Mai sayarwa a Sin yakan sa lambar da yake amfani da ita wajen fitar da kaya daga ƙasarsa, wadda wutsiyarta ba lallai ta dace da tamu ba. Shawarata ita ce ɗan kasuwa ya tura wa ejan ɗinsa na kilarin furofomar tun kafin ya kai ta banki, ya ce masa duba mini lambar nan da bayanin nan. A wannan lokacin gyara saƙo ɗaya ne a waya, masana'anta ta sake bugo takarda cikin awa guda, ba a biya ko kwabo ba.

Idan banki ya tantance, kwastam suka yi rajista, Fom M yana fitowa da lambarsa. Yana aiki na kwana 360 ga kayan sayarwa na yau da kullum, injinan masana'antu kuma suna da wa'adi mafi tsawo. Iri biyu ne: wanda banki zai samo wa mutum kuɗin waje a kai, da wanda ɗan kasuwa ya nemo dalarsa da kansa, amma duka biyun da furofoma ake buɗe su. Daga nan sai ɗan kasuwa ya tura wa mai sayarwa lambar Fom M ɗin, ya jaddada masa cewa a rubuta ta a jikin takardun lodi. Sannan ne kawai zai ce a loda.

Kafin mu bar furofoma akwai wani haɗari da ke tattare da ita wanda ba na kwastam ba ne. A ƙasanta ake rubuta asusun bankin da za a tura kuɗi. 'Yan damfara sun daɗe da gano haka: su kutsa cikin imel ɗin mai sayarwa, su jira har ciniki ya nuna, sannan su turo "sabuwar furofoma" mai kama da ta farko sak, sai dai asusun ya canza, da uzurin wai ana binciken tsohon asusun kamfani. Alamar da ta fi fitowa fili ita ce sunan mai asusun ya saɓa da sunan kamfanin da ke saman takarda, ko a ce a tura kuɗi wata ƙasa dabam. Duk ranar da asusu ya canza, a kira mutumin da aka saba magana da shi ta tsohuwar lambarsa, a ji daga bakinsa, kafin a tura ko dala ɗaya. Kuɗin da ya fita ta wannan hanya da wuya ya dawo.

To, an tura kafin alƙalami dala 6,000, an ƙera fankoki, ranar lodi ta zo. A nan sai zahiri ta saɓa wa lissafi, kamar yadda takan yi. Kwalayen sun ɗan fi girman da aka auna, kwantena ta cika a kan fanka 1,320, guda 80 suka rage a sito. Yanzu ne za a rubuta kamashal inbois, kuma abin da za ta ɗauka shi ne 1,320 sau dala 12, wato dala 15,840, a haɗa da kuɗin jirgi 3,200, jimilla dala 19,040. Tana da lambarta da ranarta, tana ambaton lambar Fom M, da sunan jirgi, da lambar kwantena. Tsakaninta da furofoma akwai gibin dala 960, kuma wannan ba laifi ba ne, aikinta ke nan ta faɗi abin da ya faru. Abin da ɗan kasuwa zai cika wa masana'anta shi ne 19,040 a cire 6,000, saura dala 13,040. Wanda ya biya ragowar da lissafin furofoma zai tura 14,000, ya bar dala 960 a hannun mutane yana jiran "sai oda ta gaba".

Ga wani kuskure da ake yawan yi a daidai wannan gaɓa. Wasu ma'aikatan masana'anta, saboda a wurinsu inbois takardar neman kuɗi ce, sai su rubuta jimillarta dala 13,040, tunda shi ne abin da ya rage. Wannan ba daidai ba ne. Kamashal inbois tana nuna cikakken kuɗin kaya, 19,040, sannan a ƙasa a rubuta an karɓi 6,000, saura kaza. Kwastam ba ruwansu da sau nawa aka biya, kuɗin kayan gaba ɗaya suke nema. Takardar da ta nuna fanka 1,320 a kan dala 13,040 za ta yi kama da wadda aka rage wa farashi da gangan, ko da mai ita bai yi niyyar haka ba.

Kamashal inbois ba ta tafiya ita kaɗai. Tana da abokan tafiya: takardar jerin kwalaye da nauyinsu, da takardar jirgi wadda kamfanin jirgi yake bayarwa a matsayin shaidar ya karɓi kaya, da takardar asalin ƙasar kaya, da satifiket ɗin SONCAP na wannan lodin. Waɗannan ake kai wa banki, banki ya ɗora su a kan Fom M, kwastam su duba su fitar da PAAR, rahoton da ke faɗin lambar HS da darajar da suka amince da ita kafin kaya su iso. Kwastam ɗin Najeriya sun karɓi wannan aiki a Disamba 2013 daga kamfanonin da suke yin sa a da. Ba a fitar da PAAR da furofoma, kuma ba a fitar da kwantena daga Apapa ko Tin Can ko Lekki ko Onne ba tare da PAAR ba. Wanda ya zauna riƙe da furofoma yana zaton ta isa, zai farga ne lokacin da jirgi ya riga ya sauke kaya, kwanakin kyauta na tasha da na kamfanin jirgi suna ƙarewa, kuɗin jinkiri yana hawa kullum.

Aikin jami'in banki da na kwastam a nan kusan duka gwada takardu ne da juna. Inbois ta ce 1,320, shin jerin kwalaye ma ya ce 1,320? Nauyin da ke jerin kwalaye ya yi daidai da na takardar jirgi? Sunan mai karɓar kaya a takardar jirgi shi ne sunan da ke kan Fom M, harafi da harafi? Idan Fom M da sunan kamfani aka buɗe shi, inbois kuma ta zo da sunan Alhaji mai kamfanin, takarda za ta dawo. Bayanin kaya ya tsaya yadda yake a furofoma, ko an canza lambar samfuri saboda masana'anta ta sauya inji ba ta faɗa ba? Idan kaya sun gaza abin da aka sanar, kamar a misalinmu, lamarin yana da sauƙi. Idan kuwa sun zarce, a ce fanka 1,450 suka shiga, ko an cusa kwalaye ashirin na wayar wuta da ba su cikin furofoma, to an fita daga iyakar Fom M, sai an nemi gyara ta banki. Abin da ya dace shi ne a yi gyaran kafin lodi, da sabuwar furofoma. Kayan da aka tarar a kwantena ranar bincike alhali ba su cikin inbois, sunansu kayan da ba a bayyana ba, kuma "ai kyauta masana'anta ta ba ni" ba amsa ba ce. Kyautar ma, da kayan gyara da ake ƙarawa, sai an jera su a inbois an sa musu daraja, a rubuta cewa ba a biya ba.

Daga kamashal inbois ɗin ne lissafin kuɗin fito yake tashi. Najeriya tana yanka shi a kan darajar CIF: kuɗin kaya, da na jirgi, da abin da aka biya na inshora. A ce inshorar ta ci dala 100, CIF ya zama 19,140. A ce kuma, don misali, lambar ta faɗa matakin kashi 20, kuɗin fito zai zama dala 3,828, a juya shi zuwa naira a kan farashin canjin da kwastam suke amfani da shi a ranar shigar da bayanai. Da da furofoma aka yi lissafi, da an biya 4,020, an biya wa fanka 80 da suke can sito a Guangdong. A kan wannan tushe kuma ake ɗora sauran: ƙarin kashi 7 cikin ɗari na kuɗin fiton, da rabin kashi ɗaya na ECOWAS, da harajin VAT wanda ya koma 7.5 cikin ɗari tun Fabrairu 2020, da wasu. Duk kuskuren da ya shiga tushe yana bin su gaba ɗaya.

Dole a yi maganar abin da kowa ya sani a kasuwa: wasu sukan ce wa mai sayarwa ya yi musu inbois biyu, ɗaya ta gaskiya, ɗaya "ta kwastam" mai rabin farashi. Ban ga hikima a ciki ba, ko da an ajiye maganar halal da haram a gefe, kuma bai kamata a ajiye ta ba. Ƙa'idar da Najeriya take bi, ta yarjejeniyar ƙimanta kaya ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta ce darajar kaya ita ce farashin da aka biya ko za a biya da gaske, amma ta bai wa kwastam damar ƙin yarda idan suna da dalilin shakka. Suna da tarihin farashin irin kayan da wasu suka shigo da su. Idan suka ga fankar dala 12 an rubuta mata dala 5, za su ɗaga darajar da kansu, su bayar da takardar neman cikon kuɗi wadda ejan-ejan suke kira DN, wani lokaci da tara, kuma dokar kwastam ta 2023 ta tanadi hukunci har da ƙwace kaya a kan bayanin ƙarya. Mai inbois ta gaskiya yana iya jayayya, ya fito da furofomarsa, da shaidar tura kuɗi ta banki, da inbois, duka suna faɗin abu ɗaya. Mai ta ƙarya ba shi da abin nunawa. Sannan idan kwantena ta faɗa teku ko ruwa ya shige ta, kamfanin inshora a kan darajar da aka sanar masa zai biya, ba a kan wadda ke cikin wayar Alhaji ba.

Ga manyan 'yan kasuwa da ke biya ta wasiƙar lamuni ta banki, wadda ake kira LC, bambancin takardun nan ya fi kaifi. Da furofoma ake neman banki ya buɗe wasiƙar, amma da kamashal inbois mai sayarwa yake karɓar kuɗinsa. Ƙa'idojin UCP 600 na ICC, da suka fara aiki a Yuli 2007, sun ce a sashe na 18 inbois ta fito daga wanda aka buɗe wa wasiƙar, da sunan wanda ya nema, a irin kuɗin da wasiƙar ta ambata, kuma bayanin kaya ya yi daidai da na wasiƙar. Idan wasiƙa ta nemi inbois aka kawo takarda mai kan furofoma, banki zai ƙi ta, ko da alƙaluman sun yi daidai. Misalinmu ma zai iya samun cikas a nan. Sassaucin kashi 5 cikin ɗari da ƙa'idar ta yarda da shi a yawan kaya ba ya aiki idan an ƙidaya kayan ɗaya-ɗaya ko kwali-kwali, kuma gibin fanka 80 cikin 1,400 ma ya haura kashi 5. Idan wasiƙar ta hana lodi kashi-kashi, 1,320 ta zama saɓani. Maganinsa tun a furofoma ne, a rubuta cewa an yarda da ƙari ko ragi na kashi 10 cikin ɗari a yawa da kuma kuɗi, a tabbatar sharaɗin ya shiga wasiƙar.

Akwai wuri ɗaya da furofoma take raka kaya har gaban kwastam, shi ne inda babu sayarwa sam. Samfurin da masana'anta ta aiko a gani kafin a yi oda, ko kayan da aka aiko a madadin waɗanda suka lalace, kamfanonin aika saƙo sukan karɓe su da furofoma, tunda babu kuɗin da ake nema. Ko a nan sai an sa daraja ta gaskiya, domin rashin biya bai hana kwastam yanka haraji ba.

Mafi yawan ƙananan 'yan kasuwarmu kuwa ba su taɓa ganin Fom M da idonsu ba. Suna sayen kwali goma ko ashirin, su kai sito na masu haɗa kaya a Guangzhou ko Yiwu, su biya kuɗin kilo ko na sibiyem, kaya su same su a Kano. A irin wannan tsari mai haɗa kayan ne yake fuskantar banki da kwastam da nasa takardun. Duk da haka bai kamata mai kwali ashirin ya tura kuɗi a kan hoto da saƙon murya ba. Ya nemi furofoma mai lambar samfuri da yawa da farashi da ranar kai kaya sito, domin ita ce abin da zai riƙe mai sayarwa da shi. Bayan an kai kaya ya nemi kamashal inbois da jerin kwalaye, ya tura wa mai haɗa kaya kwafi don ya ƙidaya a kansu ranar karɓa. Idan kwali biyu suka ɓata tsakanin sito da Kano, waɗannan takardun ne za su nuna ko daga masana'anta suka gaza ko a hanya, kuma da farashin da ke jikin inbois ɗin za a yi maganar diyya.